Shuɗi Takwas

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Sun kawo takardar. Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe goma na safe, a ofishin ƙungiyar masu aikin wuta. Sunan ɗana ne a kai, ba nawa ba. Idan zaman ya tabbatar masa da laifi za a karɓe katinsa na aiki, ba zai ƙara taɓa wayar wuta a gidan kowa ba. Shekararsa talatin da takwas, 'ya'yansa uku, ba shi da wata sana'a sai wadda na koya masa.

Wannan littafin na awon gidaje ne. Tunda shago yana rufe, bari in rubuta wani abu a ciki.

Matar gidan benen da wuta ta ja, inda muka yi aiki, tana asibiti har yanzu. An ce hannun ne. Ba zan rubuta sauran ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Surukata ta kawo babbar 'yarsu ta zauna da mu sai an gama. Ta ce gidan ba daɗi, yarinya tana jin abin da bai kamata ta ji ba. Shekararta goma sha biyu, baki kamar reza. Tana shigowa ta dube ni ta ce, "Angona, ka rame. Tsohuwar nan ba ta ba ka abinci ne?"

Tsohuwata ta ce, "To ga shi nan, ki ɗauke shi, na yafe miki."

Na yi dariya don su ji daɗi.

Ni na haɗa hitar nan ta ruwan zafi a gidan bene. Na haɗa ta daidai, na sauko na tafi wani aiki. Ɗana ya ce bayan na tafi ya kwance ya sake haɗawa, kuma shi ya sa hannu a takardar gama aiki. Wa ya aike shi? Shekara arba'in da ɗaya ina wannan aiki ban taɓa kuskuren waya ba. Haka na faɗa masa a ƙofar shago, gaban mutane, har da abin da ya fi haka. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yarinyar nan ta sa mini wani wasa a salula. Salula nake ce mata, don waya a wurina abin sana'a ce. Ta gan ni ina kai da komo a tsakar gida, ta ce ina sa ta jiri, in zo in zauna.

Kwalabe ne a jere, kowace tana ɗaukar ruwa hawa huɗu, launi a kan launi. Aikinka ka tace su har kowace kwalba ta zama launi ɗaya. Ka taɓa kwalba ta ɗago, ka taɓa wata ta zuba a ciki. Amma na saman kaɗai ke zuba, kuma ba ya zuba sai a kan irin launinsa, sai kuma in akwai wuri. Kwalbar da babu komai a ciki ita ce ke karɓar kowane launi.

Matakin farko kwalba uku ne. Ta farko daga ƙasa: ja, rawaya, ja, rawaya. Ta biyu: rawaya, ja, rawaya, ja. Ta uku fanko. Na zuba rawayan saman ta farko a fankon, na ɗauko jan saman ta biyu na ɗora a kan jan da ya buɗe. Rawaya ya fito a ta biyu, na bi da shi ta uku. Sai ta ce in mayar da jajayen nan kan jan da ke ta biyu. Na ce ai biyu ne. Ta ce, "In launi ɗaya ne a jere, tare suke tafiya, muddin akwai wuri." Haka kuwa. Zubi bakwai na gama, murfi ya sauko ya toshe kwalaben, salula ta yi wani ƙara kamar an ci kyauta.

Na ce wannan ai wasan yara ne. Ta ce, "Ka kai mataki na ashirin tukuna, Kaka, sai mu yi magana."

Daga yau Malama nake kiranta.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana

Mataki na tara. Ɗana bai kira ba, ni ma ban kira ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe tara na safe

Malama ta yi mini faɗa yau. Yanzu fanko biyu ake bayarwa, ni kuwa da na ga abin da ya tsare mini hanya sai in watsa shi a ciki. Kafin zubi shida duka biyun sun cika da tarkace, babu inda zan motsa.

Ta ce, "Kaka, fanko ba juji ba ne. Aro aka ba ka. Duk abin da ka zuba masa sai ka san yadda za ka kwashe shi, in ba haka ba ka kashe kanka."

Ta nuna mini dabara: kafin in taɓa komai in dubi abin da ke ƙarƙashin na sama, in nemi kwalbar da ta fi kusa da ƙarewa in ƙarasa ta don in sake samun wuri. Akwai 'yar kibiya mai lanƙwasa a ƙasa, tana mayar da zubi baya, amma sau biyar kawai. Akwai wata mai sake matakin daga farko. Akwai kuma wadda za a ƙara maka kwalba in ka yarda ka kalli talla na rabin minti. Ta ce wannan ta ragwaye ce, kada ta kama ni.

Abin ya fara shiga raina. In ina cikinsa ba na tuna Alhamis.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na rana

Shugaban ƙungiya ya biyo ta gida. Tare muka koyi aiki da shi a hannun ubangida ɗaya. Bai zauna ba. Ya ce sun yanko wayoyin daga bayan hitar sun ajiye a leda, kuma abin a fili yake: an sa ta ƙasa a gurbin mai mayar da wuta, mai mayarwa a gurbin ta ƙasa.

Waya uku ce fa. Ruwan ƙasa mai kawo wuta, shuɗiya mai mayar da ita, koriya, wato ta ƙasa, mai tsare rai. Ɗan koyo na wata guda ya san wannan.

Ya ce, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, ɗanka ba mai gaggawa ba ne."

Na ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wanda bai duba ba, bai duba ba."

Ya dube ni, sannan ya yi sallama.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Mataki na sha huɗu. Wasan ya lalace. Na taɓa shuɗi in zuba a kan shuɗi, kwalbar ta girgiza ta koma wurinta. Wani lokaci ya karɓa, wani lokaci ya ƙi. Na goge fuskar salular da hannun riga, duk ɗaya.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sha huɗu. Na sake shi ya fi sau ashirin. Na kalli talla ma, aka ƙara mini kwalba, Allah ya sa Malama tana makaranta. Duk da haka na maƙale. Ina shirya zubi uku a kaina, in na kai na uku ya ƙi, komai ya rushe.

Tsohuwata ta ce ina magana da salula kamar mai faɗa da ɗan haya.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Zan rubuta yadda aka yi, ban ƙara ba ban rage ba.

Malama ta dawo daga makaranta na ce mata ta cire mini wasan nan ta sa mai kyau, wannan masu shi sun yi ha'inci. Ta ce wane ha'inci. Na ce, "Ƙirga da kanki. Kowane launi huɗu-huɗu ne, ja huɗu, rawaya huɗu, fari huɗu, ruwan hoda huɗu. Shuɗi kaɗai suka ba ni takwas, kuma ba ya yarda ya hau ɗan'uwansa."

Ta karɓa ta duba. Ta ce, "Ba a taɓa ba da takwas. Kowane launi kwalba ɗaya yake cikawa."

Na ce to ga shi an ba ni.

Ta sa yatsa a kan wani hawa. "Wannan wane launi ne?"

"Shuɗi."

Ta matsa gefe. "Wannan fa?"

"Shuɗi mana. Ke ma idonki ya lalace ne?"

Ta yi dariya, ta buɗe baki za ta tsokane ni, na ga tsokanar ta taso mata har leɓe. Sai ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi salular. Ta ce za ta je ta cire kayan makaranta, ta ajiye mini ita a kan tabarma ta shige ɗaki.

Ba ta fito ba sai da aka kira ta cin abinci.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na wuce sha huɗu a zama ɗaya. Na wuce sha biyar da sha shida.

Wasan ya canja da safen nan. Kowane launi yanzu yana da 'yar alama a jikinsa. Ja yana da ɗigo, rawaya gicciye, fari layi. Shuɗayen nan takwas, huɗu suna da tauraro, huɗu suna da ganye. Tauraro yana hawa tauraro, ganye yana hawa ganye, babu gardama.

Na ce wa tsohuwata ai ga shi, masu wasan sun gane kuskurensu sun gyara.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Ba su ne suka gyara ba. Na tambaye ta, ta ce ita ta kunna kafin ta tafi makaranta. Ta nuna mini wurin, wani ɗan hoto mai kama da haƙoran inji a kusurwa, a ciki akwai maɓallin da ake turawa.

Na ce na mene ne.

Ta ce, "Na mutanen da launi ke ruɗa su ne."

Na ce ni launi ba ya ruɗa ni. Ta ce to. Ba ta ce angona ba, ba ta ce tsoho mai rigima ba. To kawai.

Masu ganyen kore ne, in ji ta.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Fuskar salula ce. Gilashinta ya tsufa, an kuma taɓa yar da ita.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na gwada a salular tsohuwata, na sa maƙwabci ya saukar mini da wasan, na bi matakan tun daga ɗaya. Takwas ne a can ma.

Tsohuwata tana shanya. Na ce mata zanin nan shuɗi ya fara koɗewa. Ta ce, "Wane shuɗi? Tun bara kake ce wa zanin nan shuɗi, na gaji da gyara ka na ƙyale ka." Ta ci gaba da shanyarta.

Tun bara.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na buɗe shago ni kaɗai na rufo ƙofa. Na yanko guntaye goma daga naɗin koriya, goma daga naɗin shuɗiya, na karanta takardar jikin naɗin don in tabbata. Na ƙulla kan korayen, na damƙe ƙullin a cikin hannu yadda ba zan gani ba, na gauraya su. Na zaro ɗaya-ɗaya ina faɗin launin kafin in duba.

A bakin ƙofa, cikin rana, na kuskure uku cikin ashirin. A can ciki, inda haske bai fi na cikin silin da na haɗa hitar ba, ban ƙarasa ƙirgawa ba.

A gidan bene tocilana ta yi rauni ranar. Na tuna na buga ta a tafin hannu sau biyu.

Amma ai ya ce ya kwance ya sake haɗawa. Shi ya faɗa da bakinsa.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mataki na ashirin da shida, da alamomi. Yanzu wasu hawayen a rufe suke da alamar tambaya, ba ka sanin launin sai ka kwashe na samansa. Malama ba ta zo ta gani ba. Kwana biyar ke nan ba ta zauna kusa da ni ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na je asibitin ido ban gaya wa kowa ba. Layi har waje. Ma'aikaciyar da ke karɓar kati ta haska mini 'yar fitila ta ce da alama yana ce, tana sa gilashin cikin ido ya yi rawaya-rawaya, shi ya sa shuɗi da kore kan haɗu wa wasu tsofaffi. Ta ce ana cirewa, aikin ba ya daɗewa. Amma likita ne zai tabbatar ya rubuta, kuma ba ni da wuri sai tsakiyar watan gobe.

Ana cirewa. Ke nan in na yi shiru, nan da wata biyu idona garau, babu wanda zai taɓa sani.

Na rubuta wannan, na daɗe ina kallonsa. Ban soke ba, don gaskiya ne na yi tunanin.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Saura mako guda.

Muna cin abinci Malama ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kaka, wayar da aka ce Baba ya juya, wane launi da wane launi ne?"

Tsohuwata ta ce ta ci abincinta, ba maganar yara ba ce.

Ta ce, "Na ji Mama tana faɗa wa 'yar'uwarta. Ina so in ji daga bakin Kaka ne."

Na daka mata tsawa. Na ce tun yaushe aka haife ta da za ta tsare ni da tambaya a gidana, in ta ƙoshi ta tashi. Ta tashi. Ta wanke hannunta, ta kai kwanonta, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ban gaya wa kowa ba."

Na fi son a ce zagina ta yi.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ban taɓa salula ba yau.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na kira ɗana ya zo shago. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar ba ni ne na ci masa mutunci gaban jama'a ba.

Na ce, "Ka kwance hitar nan bayan na tafi?"

Ya ce, "Na riga na faɗa, Baba."

"Ba abin da ka faɗa na tambaye ka ba."

Ya ɗauki filaya a kan tebur yana juya ta. Can ya ce bai kwance ba. Ya ce ya rufe murfin ne kawai, ya kunna, ruwa ya yi zafi, ya sa hannu. Ya ce bai sa abin gwaji ba, don tunda yake bai taɓa bin bayan aikina da abin gwaji ba, yana jin kunyar yin haka. Ranar da abin ya faru shi ya fara isa gidan. Yana buɗewa ya gane hannuna.

Na ce me ya sa ka yi ƙarya.

Ya ce, "Baba, ni in an karɓe katina zan yi tuƙi, zan yi dako, ƙarfina yana nan. Kai in an karɓe sunanka me ya rage maka? Don Allah ka bar shi yadda yake. Kada ka zo ranar Alhamis."

Na ce ya tashi ya tafi. Ban iya kallonsa ba. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nasa, na kuma tsaya a kai ina ihu.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Shi ya ce in bari. Da bakinsa ya roƙe ni. Ba ni na sa shi ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe tara na safe

Shi ya ce in bari.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na koma wasan don kaina ya huta. Mataki na talatin da ɗaya, kwalba goma sha ɗaya. Na zuba ganye ɗaya a fanko don in buɗe hanya, na ci gaba abina, komai yana tafiya. Zubi goma sha wani abu sai na ga ina bukatar wurin nan, sauran ganyayen kuwa duk suna can ƙasan wasu kwalaben. Na danna kibiyar komawa sau biyar, ta ƙare, ban isa inda na yi kuskuren ba.

Ban san Malama tana bayana ba. Ta ce, "Ya yi nisa. Kibiya ba za ta kai ka ba. Sai dai ka sake daga farko."

Na ce duk aikin da na yi fa.

Ta ce, "Ai ba aiki ba ne tunda ba zai fita ba."

Ta wuce kicin. Maganar wasa take yi, na sani. Ita ce magana mafi tsawo da ta yi mini tun ranar Alhamis.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na gaya wa tsohuwata. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka, sannan ta share ido ta ce, "To wace riga za ka sa?"

Na ce ban ce zan je ba.

Ta ce, "Shekara arba'in ina tare da kai. Farar zan goge maka."

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ina jin tsoro. Bari in rubuta shi a fili tunda babu mai karantawa. Ba katin nake ji ba. Fuskokinsu nake ji, rabinsu ni na koya musu riƙe filaya. Da mijin matar nan.

Na sa Malama ta nuna mini yadda ake kashe alamomin, da yadda ake komawa tsohon mataki. Ta nuna mini sau biyu, ta sa na yi da kaina. Ba ta tambaye ni dalili ba.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe uku na rana

Mutum bakwai ne a bayan tebur, shugaba a tsakiya, ledar wayoyin a gabansa. Mijin matar yana gefe. Ɗana yana tsaye ana karanta masa takarda lokacin da na shiga. Da ya gan ni ya girgiza mini kai.

Na ce ni na haɗa.

Ɗakin ya ɗauki surutu. Wani daga cikinsu ya ce, "Oga, mun san zafin ɗa, amma ba a yi mana haka. Kai da ka ce ba ka taɓa kuskuren waya ba?"

Na ce a buɗe ledar a dubi bakin wayoyin. Ni bahago ne. In zan sa waya a sukuru nakan murɗa bakinta hagu in naɗe shi biyu, ɗana dama yake murɗawa. Shugaba ya zazzage su a tafin hannunsa, ya sa tabarau. Ya san murɗina tun muna yara. Ya miƙa wa na kusa da shi.

Wancan ya ce to ko da hannuna ne, ta yaya mutum irina zai sa kore a gurbin shuɗi.

Na ce ba ni da takardar likita sai watan gobe, amma ga abin da nake da shi. Na fito da salula, na buɗe mataki na sha huɗu, na kashe alamomin a gabansu, na gaya musu dokar wasan a taƙaice. Na ce wa shugaba ya ƙirga shuɗi. Ya ce huɗu. Na ce ni takwas nake gani.

Suka kewaye ni. Na fara zubawa, kuma Allah ya sani iya ƙoƙarina na yi, don har a lokacin akwai wani abu a raina da ke son in ci. Ja ya tafi, rawaya ya tafi. Na ɗago shuɗi na kai kan shuɗi, kwalbar ta girgiza ta koma. Na gwada wata, ta karɓa. Na gwada ta uku, ta girgiza. Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Zufa ta jiƙa mini farar rigar.

Shugaba ya karɓe salular a hankali ya kife ta. Ya ɗauko biyu daga guntayen wayoyin ledar ya ajiye a gabana, a inuwar teburin. Ya ce, "Abokina, wacce ce koriyar?"

Na daɗe ina kallo. Zan iya cewa ta dama, wataƙila in dace.

Na ce, "Ban sani ba."

Na ciro katina na ajiye kusa da su. Na juya wurin mijin matar na ba shi haƙuri. Ya kawar da kai, kuma ban ga laifinsa ba.

Sun dakatar da ɗana wata uku, saboda sa hannu ba tare da gwaji ba da kuma ƙaryar da ya yi musu. Katinsa yana aljihunsa. Nawa yana aljihun teburinsu. Maganar matar tana nan, za a sake kirana.

A waje ɗana ya tsaya ya jira ni. Ya riƙe mini hannu muka tsallaka titi, ban ƙwace ba.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe goma na safe

Sun zo ɗaukar Malama. Ta haɗa jakarta tun da sassafe, ta gaishe da kakarta, ubanta yana jira a ƙofa. Ina zaune a kan tabarma na yi kamar ban gan ta ba.

Ta ajiye jakar ta zauna kusa da ni, ta zare salular daga aljihuna ba ta ko tambaya ba. Ta shiga wurin haƙoran injin nan ta mayar da alamomin.

Ta ce, "Ka bar su a kunne sai an gyara maka ido. Kuma talatin da ɗaya ɗin nan, kada ka taɓa fankon farko sai ka ga ganye biyu a sama. In na dawo Asabar na tarar ka kalli talla, na fasa auren."

Na ce wa zai auri mace mai baki haka.

Ta kai ƙofa na kira ta. Na ce, "Malama, rigar nan taki wane launi ce?"

Ta dubi rigar, ta dube ni. Ta ce, "Kai me ka gani, angona?"

Na ce shuɗiya.

Ta ce, "Koriya ce."

Na ce to.